Tambaya: me ya sa y = (1/2)^x ke gangarowa, kuma wa ya fi wani tsini?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar JAMB a nan Kano, wajen Kurna, kuma wani abu ya tsaya min a zanen y = b^x.

Idan b ya wuce 1, na gane. Da na saka x = 0, 1, 2, 3 a y = 2^x, na samu 1, 2, 4, 8; a y = 3^x kuwa 1, 3, 9, 27. Duk sun bi ta (0, 1), amma na 3 ya fi miƙewa sama, kamar mai hawa Dutsen Dala ta gefen da ya fi tsayi.

Matsalar tana wajen b da ke tsakanin 0 da 1. A y = (1/2)^x na samu 1, 0.5, 0.25, 0.125, wato layin yana sauka. Malaminmu na darasin yamma ya ce (1/2)^x daidai yake da 2^(-x), don haka zanen 2^x ne aka juya ta kan layin y. Wannan na yarda.

To, tsakanin (1/2)^x da (1/3)^x, wanne ya fi saurin gangarowa? A x = 1, na 1/3 ya faɗi zuwa kusan 0.33, na 1/2 yana 0.5. Amma daga x = 2 zuwa x = 3, na 1/2 ya ragu da 0.125, na 1/3 da kusan 0.074 kawai. Shin tsinin ya danganta da wurin da aka duba ne? Idan aka tambaya a jarrabawa, wanne zan zaɓa? Don Allah a warware min.