Yadda kuka haɗa rahoton talla mako-mako da PivotTable: kowa ya kawo abin da ya gani

Maman Iman: Assalamu alaikum. Turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma a watan Maris na 2025 na biya kuɗin talla a Facebook da Instagram da TikTok. Na sauke rahotannin na zuba su a takarda ɗaya ta Excel, layi 93, kowace rana layi uku. So nake in ga abin da kowace kafa ta ci a kowane mako. Na shiga Insert na danna PivotTable, na ja Date zuwa Rows, Channel zuwa Columns, Spend zuwa Values. Da na danna Group sai ya ce mini "Cannot group that selection". Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni ma ya taɓa cinye mini yini guda. Duba jerin kwanakinki: waɗanda suka jingina dama kwanan wata ne na gaske, waɗanda suka jingina hagu rubutu ne kawai a wurin Excel. A nawa, rahoton ya zo da rana kafin wata, kwamfutar kuma tana karanta wata kafin rana. Daga 13 ga wata zuwa sama duk sun zama rubutu, tunda babu wata na 13. Mafi muni na ƙasa da haka ne, don 03/04 ya karɓe shi shiru a matsayin 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu nake nufi. Sai da na sake shigo da fayil ɗin ta Data, From Text/CSV, na nuna masa tsarin kwanan kafin ya buɗe.

Idan ya gyaru, a Group ki zaɓi Days kaɗai, ki sa Number of days 7. Amma ki kula da Starting at. Ranar 1 ga Maris Asabar ce, saboda haka makonninki za su riƙa farawa Asabar. In Litinin kike so, ki rubuta 24 ga Fabrairu, kuma ki sani makon farko kwana biyu ne kawai a cikinsa.

Abba: Ni dai WEEKNUM nake sawa a sabon jeri, shi ke nan, babu ruwana da Group.

Malam Sani: Yana aiki, Abba, sai dai Lahadi yake fara mako in ba ka gaya masa ba. Kuma wa ya san ranar da "mako na 11" ya faɗo? Na fi son wannan, yana ba da Litinin ɗin kowane mako:

```
=A2-WEEKDAY(A2,2)+1
```

Zainab: Wannan ɗin nake amfani da shi a Google Sheets, don a can babu mako cikin zaɓin haɗa kwanaki. Ni kuskurena daban ne, Yaya, har yanzu kunya nake ji. Na ja kuɗin kowane saƙo zuwa Values na zaɓi Average. Litinin na kashe naira 10,000 na samu saƙo 20, wato 500 kowanne. Talata na kashe 2,000 na samu saƙo ɗaya tak. Teburin ya haɗa 500 da 2,000 ya raba biyu, ya ba ni 1,250. Gaskiyar kuwa 12,000 a raba 21, kusan 571. Da wannan lissafin na je gaban maigidana na ce mu rufe tallar Instagram, ashe ita ce mai arha. Yanzu Calculated Field nake yi, jimlar kuɗi a raba da jimlar saƙonni.

Baba Isa: Ni ban ga amfanin TikTok ɗin nan ba, 'yata. Yara ne ke kallo, ba sa saye. Ki mayar da kuɗin rediyo.

Maman Iman: Na ji Baba, bari dai mu ga abin da teburin zai nuna tukuna. Malam, kwanakin sun gyaru. Sai dai Facebook ya fito sau biyu a sama, kuma a Values "Count of Spend" na gani, lambobin ma 7, 7, 7 ne.

Zainab: Layuka yake ƙirgawa, ba kuɗi ba. Wataƙila an rubuta NGN ko alamar naira a cikin gidajen, sai ya ɗauke su rubutu. Ki goge da Find and Replace, ki danna Refresh, sannan ki mayar da shi Sum a Value Field Settings. Facebook na biyun kuma akwai fili a ƙarshen sunan, ido ba ya gani. TRIM zai cire shi.

Malam Sani: In ya fito, ki gwada Grand Total da abin da aka cire miki a banki. Wata rana nawa ya ninka daidai sau biyu, ashe layin jimla na ƙasan rahoton na haɗa a ciki. Reach kuma kada ki tara shi, mutum ɗaya da ya ga tallar kwana uku zai zama mutum uku.

Abba: To ni cinikina Juma'a da Asabar yake tashi. In mako ya fara Asabar ai an raba mini su gida biyu, in ya fara Litinin kuma bai dace da ranar da nake biyan yara ba. Wanne zan bi?

Maman Iman: Nawa ya fito, amma ya gaza na banki da naira 4,300. Ko harajin da suke ɗorawa ne? Zan duba rasit ɗin bayan Magariba.