Maƙam: me za mu kira shi da Hausa?

Ɗanjuma Agege: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman a warware min wani abu. Akwai wani dattijo a layinmu nan Agege ta bayan titin jirgi, kullum bayan asuba yana zama a ƙofar shagonsa yana karatu, muryarsa tana tuna min makarantar allo da na yi a gida, shi ne shekaranjiya na ɗauki kamar sakan 40 a waya na tura wa ƙanina da ke karatu a Masar na ce masa ka ji karatun gida. Sai ya tambaye ni wai wane maƙam ne wannan. Na ce ban san shi ba. Wani abokina da muke tare ya ce ai maƙamin Warshu ne. Ni dai abin da na sani da Hausa shi ne muƙami, na gwamnati ko na sarauta. To mene ne maƙam ɗin nan, kuma idan ɗana ya tambaye ni da wace kalmar Hausa zan faɗa masa? Ga sautin nan na saka.

Hajiya Binta Obalende: Wa alaikumus salam. Ai murya ce kawai. Ba ka ji ana cewa limamin masallacin kaza ya ɗauko muryar Sudais ba? Ni ina ganin ba sai an wahala ba, kalmar tana nan tun da.

Alaramma Idi-Araba: Malam Ɗanjuma na saurara har sau uku, Allah ya ƙara wa dattijon nan lafiya. Bari mu fara cire Warshu daga maganar domin abokinka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ya yi gaskiya Warshu ne, amma Warshu ruwaya ce, kuma ruwaya a cikin haruffa take zaune ba a daɗin murya ba. Sake kunna sautin ka ji, Suratud Duha yake karantawa, kuma bai ce wadduha ba, cewa ya yi walluhe, sannan wallaili iza saje. Wannan karkatar da ƙarshen aya zuwa wajen e ɗin na Warshu ne, mai Hafsu ba zai yi ta a nan ba, zai ce saja ne a buɗe. Ka ƙara matsawa gaba kaɗan inda ya ce walalakhiratu a dunƙule bai tsaya ya buga hamza ba, nan ma Warshu. Da Fatiha ce da tun a maliki yaumiddin za ka kama shi, mai Warshu ba ya jan ma ɗin, mai Hafsu yana ja.

Amma lam ɗin da ya sa a walluhe, wannan ba na Warshu ba ne, namu ne. Haka iyayenmu suka karɓi harafin, shi ya sa muke cewa alwala, muke cewa alƙali, har suna muna da Ramalan. Ba za ka ji lam ɗin nan a bakin ɗan Maroko ba alhali shi ma Warshu yake karantawa. To ka ga daga sakan 40 mun san Alƙur'ani ne, mun san ruwayar, mun san harshen tsohuwar makarantar allo ta ƙasarmu ne, kuma duk ba mu taɓa abin da ƙaninka ya tambaya ba tukuna.

Ɗanjuma Agege: Allah gafarta Malam wallahi yanzu na ji saje ɗin nan, shekara da shekaru ina jinta ban taɓa lura ba. To shi maƙam ɗin fa a ina yake?

Alaramma Idi-Araba: Rufe bakinka ka rera abin da dattijon ya karanta da hanci kawai, babu harafi ko ɗaya. Duk abin da ya ɓace, ruwaya da lafazi ne. Abin da ya rage, wato hawa da saukar nan da inda murya take komawa ta huta, shi ake tambaya. Husari ya yi karatun Hafsu ya yi na Warshu, ruwaya ta canja amma kana ji ka san hanyar muryar Masar ce. Ni a wurina kari zan ce.

Malama Rabi: Alaramma a gafarce ni, kari zai kawo mana rikici. Ni Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma kari ya riga ya ɗauki kaya da yawa, akwai karin harshe kamar Kananci da Sakkwatanci, akwai karin sauti, akwai karin waƙa wanda shi ne ma'aunin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, abin da Larabawa suke karantawa a aruli. Ɗauki Burda ta Busiri. Karinta ɗaya ne tal, basiɗ, daga farko har ƙarshe, kuma kowane baiti da mi yake ƙarewa. Amma ku je maulidi uku a Legas ɗin nan a wata ɗaya, na zawiyar mutanenmu a Agege, na Yarbawa, da na 'yan Senegal ko Mali idan kun samu, za ku ji Burda ɗaya da rerawa uku da ba su yi kama ba. Kari bai motsa ba, wani abu ne ya motsa. Wannan abin a littattafan nazarin waƙa rauji muke ce masa. Ni rauji na zaɓa.

Sani Mile 12: Ni ma ina da tambaya tunda an zo nan. Duk ranar Lahadi da safe idan muna sauke tumatir akwai wani fili da ake taruwa da fararen kaya maza da mata ana ta rerawa da lasifika, na ɗauka wazifa ce ta 'yan Tijjaniyya amma yaron shagona ya ce a'a. Wannan wane maƙam ne?

Alaramma Idi-Araba: Malam Sani kai ba maƙam kake nema ba, sunan taron kake nema, kuma lokacin ya riga ya ba ka amsa. Lahadi da hantsi, fararen kaya, maza gefe mata gefe, wannan asalatu ne na 'yan'uwanmu Yarbawa. Ka kasa kunne za ka ji ana Larabci sai a juya zuwa Yarbanci wajen addu'a, kuma inda mu muke sa z su s za ka ji, zikiri ya koma sikiri. Wazifa kuwa kullum ake yi, yawanci bayan magariba ko bayan asuba, a zaune an kewaye farin ƙyalle, istigfari sai Salatul Fatihi sai hailala sai Jauharatul Kamali, babu kiɗa. Idan Juma'a ce bayan la'asar ana hailala har rana ta faɗi, zikirin Juma'a ne. Idan ka ji bandiri a ciki to ka fi kusa da Ƙadiriyya. Ni kullum haka nake bi, ranar me ce kuma ƙarfe nawa, sannan da wane harshe, murya ce ta ƙarshe domin ita ce ta fi yaudara, mai bege zai iya aro rerawar wani gida ya ɗora wa nasa baitin.

Mustafa (ƙanin Ɗanjuma): Yaya ya turo min in shigo. Gaisuwa ga Alaramma da Malama. Rauji ya yi kusa sosai amma ina da ja kaɗan. Rauji kamar na waƙa ɗaya ne, ka ce raujin waƙar kaza. Maƙam ya fi haka faɗi, waƙa ɗari masu rauji ɗari za su iya zama a maƙam ɗaya. Abin da aka koya mana shi ne tazarar da ke tsakanin matakan murya. Misali Hijaz, daga inda murya take hutawa za ka hau ɗan gajeren mataki, sai wani dogo sosai kamar ka tsallake kwata, sai gajere kuma, wannan dogon tsallaken shi ne abin da kunne yake kamawa a yawancin kiran sallar Makka. Bayati ba ya da wannan tsallaken, matakinsa na farko bai kai cikakke ba kuma ya wuce rabi, shi ya sa ba ya fita daidai a kan fiyano, kuma da shi manyan makarantan Masar irin su Abdulbasiɗ suka saba buɗe karatun taro su kuma rufe da shi. Akwai Saba, Rast, Nahawand, Sika da sauransu.

Dalilin da ya sa na tambayi Yaya shi ne na kasa saka dattijon a ko ɗaya. Na ƙirga, matakai uku zuwa huɗu kawai yake yawo a kai, ya fara sama ya gangaro ya zauna a wuri ɗaya ƙarshen kowace aya, babu tsallaken Hijaz babu matakin nan na Bayati da ya wuce rabi. Su maƙaman Larabawa matakai bakwai ne, namu na gargajiya yawanci biyar ne. Ni da za a bar ni tsanin murya zan ce.

Malama Rabi: Tsanin murya ya yi min, yaro zai gane shi nan take, kuma ka ga ya ba mu damar cewa tsanin Hijaz, tsanin Bayati, tsanin gida. Sai rauji ya zauna a matsayinsa, shi ne tafiyar da aka yi a kan tsanin.

Alaramma Idi-Araba: Mustafa Allah ya yi albarka, ka fi ni sanin wannan ɓangaren. Amma tsani hawa da sauka ne kawai, kowa ya taka iri ɗaya. Ai ka ce akwai inda ake farawa da inda ake hutawa, wannan ya fi kama da turba. Kuma ina jin tsoron abu ɗaya, kada yara su ji sunaye bakwai ko takwas daga Masar su ɗauka duk karatun da bai shiga ciki ba kuskure ne. Na ga matashi ya ja madda inda babu ita don kawai muryar ta kai inda yake so, tajwidi ya tafi saboda maƙam. Dattijon Agege bai ci harafi ko ɗaya ba don daɗin murya. Mu a tsangaya ba mu da suna ɗaya na abin, cewa muke wane da muryar malam wane yake karatu, kuma mukan gane inda mutum ya yi karatu daga ita.

Hajiya Binta Obalende: To Alaramma ai ka dawo kan maganata kenan, murya.

Mustafa (ƙanin Ɗanjuma): Hajiya murya tana aiki a hira, amma Sudais da wani limamin za su iya karatu a maƙam ɗaya kuma muryarsu daban, sannan mutum ɗaya da muryarsa ɗaya zai shiga maƙam huɗu a zama guda. Kalmar za ta gaza a nan. Maganar turba kuma Alaramma ya yi gaskiya, malamanmu ma suna cewa wanda ya san matakai bai san tafiyar ba bai san maƙam ba. Sai dai turbar murya a kunnena kamar ana nufin maƙogwaro.

Ɗanjuma Agege: Na gode ƙwarai. Abin da na riƙe, karatun dattijon Warshu ne da lafazin makarantar allo, kuma ba ya cikin maƙaman Masar. Ɗana zan ce masa tsanin murya tukuna tunda shi ya fi saurin shiga kai, turbar Alaramma kuma ina ajiye da ita. Gobe in Allah ya kai mu bayan asuba zan je in gaida dattijon in tambaye shi a wace tsangaya ya yi karatu, da kuma abin da malaminsu yake cewa idan almajiri ya kauce daga rerawar. Mustafa kai kuma ka turo mana Walluhe ɗin nan sau biyu, ɗaya a Hijaz ɗaya a Bayati, mu jera su da ta dattijon mu ji da kunnenmu.