Al'ada ta ɗauke, kwanciya ta koma azaba

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jin nauyin tambayar nan. Shekarata 53, al'ada ta ɗauke min shekara 2 ke nan. Gabana ya bushe ƙamas, in maigida ya kusance ni ji nake kamar an zuba barkono, sai na kwana biyu fitsari na min zafi. Sau 3 ina shan maganin sanyi daga kemis, shiru. Har na fara ƙirƙiro ciwon kai da daddare, shi kuma yana ganin gudunsa nake.

Ummu Sadik: Sanyi ne ya kama ki sosai, Yaya. Ki dafa bagaruwa ki riƙa shiga, ki haɗa da matsi mai alif.

Anti Ungozoma: Ummu Sadik, don Allah a'a. Alif da bagaruwa tsotse danshi suke yi, ita kuwa danshin ne babu. Maman Khalifa, bayaninki ya fi kama da abin da ke biyo bayan ɗaukewar al'ada. Sinadarin istirojin ne ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da santsi. In ya ja baya sai fatar ta sirance, ni'ima ta ragu, gogayya kaɗan ta tsattsaga ta. Shi ya sa maganin sanyi bai yi miki komai ba. Akwai ƙaiƙayi, wari ko fitar ruwa?

Maman Khalifa: Babu, Anti. Sai dai na gwada matsin sau ɗaya, kwana na yi ina fifita wurin da mafici.

Hajiya Babba: Ni man zaitun nake shafawa, kuma alhamdulillahi. Ki yawaita kankana da dabino da madara, ni'ima za ta dawo.

Anti Ungozoma: Hajiya, man zaitun yana rage gogayya, gaskiyarki, sai dai yana lalata kwaroron roba, wasu kuma yana jawo musu ƙaiƙayi. Kankana abinci ce mai kyau, amma ba ta mayar wa fatar kaurinta.

Ki fara da man santsi mai ruwa, irin K-Y Jelly, yana nan a kemis. Ki shafa a bakin farji, maigida ma ya shafa, kuma kada a yi masa rowa. In ya bushe ana tsaka, a ƙara. Ki bar basilin da miski da turaren tsuguno da zama cikin ruwan Dettol. Ki riƙa wanke wurin da ruwa zalla, daga waje kawai. Maigida kuma ya tsawaita wasa, jiki a wannan shekarun ba ya son gaggawa.

Amma tunda har fitsari na miki zafi, ina ganin man santsi kaɗai ba zai wadatar ba. Ki je wurin likitan mata ya duba ki, a gwada fitsarin. In bushewar ce, akwai kirim ɗin istirojin da ake sakawa ciki, kamar Ovestin. Yawanci kullum da dare na mako 2 zuwa 3, daga nan sau 2 a mako. Sauƙi yana farawa cikin 'yan makonni, cikakken amfaninsa yana iya kai wata 3. Wata da na kula da ita ta daina da ta ji daɗi, bayan wata biyu ta dawo min da kukan farko. In an bari, bushewar dawowa take.

Maman Ilham: Ni fa an cire min nono saboda daji shekara 4 da suka wuce, kuma irin matsalar nan nake fama da ita. Zan iya sakawa?

Anti Ungozoma: Kada ki saya da kanki. Abin da ke shiga jini daga kirim ɗin kaɗan ne, amma hukuncin na likitan da ke duba dajinki ne, ya danganta da ƙwayar da kike sha. Man santsi dai ba shi da matsala gare ki.

Inna Ta Gidan Malam: Nawa ba zafi ba ne sosai, ɗan jini nake gani a zani bayan kwanciya. Shekara 6 rabona da al'ada. Goggona ta ce a kai ni wurin wanzami a yi gishiri.

Anti Ungozoma: Inna, na roƙe ki da Allah kada aska ta taɓa ki. Yankan gishiri na jawo yoyon fitsari, na ga matan da ya nakasa da idona. Kuma duk jinin da ya zo bayan wata 12 da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, na asibiti ne. Sau da yawa siririyar fatar ce ta tsage, amma dajin mahaifa da na bakin mahaifa ma haka suke farawa. Za a duba bakin mahaifa a yi hoton ciki. Ki je makon nan, kada ki saka komai kafin nan. Haka wadda ta ga farin tabo, kumburi ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Hajiya Babba: Ni dai ban yarda kankana ba ta aiki ba.

Maman Khalifa: Na gode Anti, Allah ya saka. Zan je ranar Litinin, in sha Allah. Abin da ya rage min shi ne ta ina zan ɓullo wa maigida da maganar man nan, kada ya ce ina na koyo shi. Akwai wadda ta taɓa faɗa wa nata?