Ta'aziyyar Ummi

Sabi'u: Shekara 6 muna koyar da lissafi tare da Malam Habu. Ranar Laraba Umminsa ta rasu, shekararta 4. Ina Zariya wurin makin jarrabawa, yau kwana biyar da rasuwar, sai jibi zan koma. Duk abin da na rubuta masa sai ya fito kamar takardar ofis. Ku agaza mini, da amsa-amon "wa".

Gambo Direba:
Ka ce masa Allah ya jiƙan Ummi,
Ya kai haske kabarin tsohuwa.
Ya yafe mata zunubanta kakaf,
Uwa bango ce, wa ke maye gurbin uwa?

Malama Hadiza:
Gambo, ka yi gudu ka wuce tasha,
Yi ribas ka sake karantawa.
Ummin nan ko allo ba ta riƙe ba,
Sunan kaka ta ci, shi ake sakayawa.
Alƙalami bai hau kanta ba tukuna,
Wane laifi za a roƙa mata yafewa?
Addu'ar yaro daban da ta babba,
"Allah ya sa mai ceto ce" ake cewa.
Ya sa ta yi nauyi a mizanin iyaye,
Ta kama hannunsu ranar tsayuwa.

Gambo Direba:
Na taka birki, Malama, na tuba,
A layin mai na karanta, ina hamma kuwa.

Ɗanlami:
Ni dai na ce a bar saƙon waya,
Zumunci a ƙafa yake, ɗan'uwa.
Kuma kwana uku ne zaman makoki,
An naɗe tabarma, an share unguwa.
Wanda ya zo da gaisuwa bayan haka,
Miki ya fama, yana shirin warkewa.

Malama Hadiza:
Batun ƙafa na ba ka, Ɗanlami,
Rubutu ba ya sauke nauyin zuwa.
Amma ukun nan na wanda ke gari ne,
Matafiyi na da uzuri har ranar dawowa.
Ya tura yau don kar shirun ya yi tsawo,
Jibi ya je da kansa ya yi gaisuwa.

Anti Binta:
Ku tsaya, ni na taɓa zama a tabarmar,
Ɗana na fari, ana gab da yayewa.
Wata ta ce, "Ke yarinya ce, za ki sami wani,"
Kamar tulu ya fashe, a sayo a kasuwa.
Wata ta ce, "Me ya same shi? Wane asibiti?
Da kun kai shi da wuri..." Na kasa amsawa.
Na ba da labarin zazzaɓin nan sau talatin,
Kowane sau kamar sabuwar mutuwa.
Ɗanlami, mikin ba ya warkewa a uku,
Ran na huɗu ma ya fara tsatstsafowa:
Baƙi sun watse, gida ya yi tsit,
Ga takalminsa ƙafa ɗaya gindin rijiya, gefen ruwa.
Wadda na riƙe a rai har gobe,
Abokiyar aiki ce, ba mai yawan cewa.
Ta zo ran na shida da kwanon tuwo,
Ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" ta zauna a inuwa.
Ta ambaci sunansa, ta tuno dariyarsa,
Ta karɓi aikina mako biyu ba sanarwa.
Sabi'u, ka kira sunan yarinyar,
Kuma kar ka manta da uwar a gaisuwa.

Ɗanlami:
Anti, na ji, Allah ya ba da lada.
Sai dai jibi bakwai ke cikawa.
In ya tarar ana rabon sadaka fa?
Malaminmu bai yarda da ita ba, yana hanawa.

Malama Hadiza:
Malamai sun daɗe suna wannan ja-in-ja,
Ƙofar mai makoki ba wurin warwarewa.

Sabi'u: Na gode muku. Ga abin da na tura, ban yi masa ado ba:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.
Malam Habu, ya muka ji da haƙurin rabuwa?
Ina Zariya labarin Ummi ya same ni,
Na ajiye jan biro, na kasa ci gaba da dubawa.
Ina tuna ta a ɗakin malamai ran Juma'a,
Ta kwashe mana alli, tana ta zanawa.
Allah ya sa mai ceto ce gare ku,
Ya sanyaya zuciyarka da ta uwa.
Ka gaishe da Maman Ummi da haƙuri,
Talata da la'asar ina nan zuwa.
'Yan aji biyu na ɗauke maka har ƙarshen wata,
Kar ka wahalar da kanka wajen amsawa.

Gambo Direba:
Talata ina lodi a Kwangila da hantsi,
Kujerar gaba taka ce, ba na sayarwa.