Na ce ma'ajinmu ya cinye kuɗin burtsatse, yanzu lauyansa ya rubuto mini

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Mun tara naira miliyan 2 don haƙa burtsatse a unguwarmu, wata takwas ba rijiya ba bayani. Na rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiya cewa ma'aji ya cinye kuɗin. Yanzu lauyansa ya ce in janye in ba da haƙuri, ko su maka ni kotu kan ɓata suna. Mene ne mafita?

Sani Mai Taya: Kada ka janye komai. Tunda gaskiya ka faɗa, babu alƙalin da zai kama ka.

Barista Hadiza: Malam Sani, gaskiya kariya ce, amma wa zai tabbatar da ita? Abin da ke kan ma'aji kaɗan ne: ya nuna maganar tana zubar da mutunci, da shi ake, kuma wani ya karanta. Duka ukun suna cikin saƙon. Da yake a rubuce ne, ba sai ya nuna asarar ko sisi ba. Kotu za ta ɗauka ƙarya ce har sai Baban Khalifa ya kawo hujja.

Kuma hujjar "ya cinye" ake nema. Rashin rijiya bai tabbatar da ci ba. In ma'aji ya fito da takardar banki kuɗin na kwance, ko rasit na ɗan kwangilar da ya gudu, kariyar ta rushe.

Baban Khalifa: Ranki ya daɗe, ai ra'ayina na faɗa.

Barista Hadiza: Da ka ce "wata takwas ba bayani, a ganina wannan sakaci ne", wannan sharhi ne a kan abin da ya tabbata, kuma ya shafi jama'a. "Ya cinye" kuwa labari ne ka bayar. Inda nake ganin ƙofa shi ne 'yan ƙungiya suna da haƙƙin jin labarin kuɗinsu, kuma doka tana sassauta wa mai magana a irin wannan muhalli. Sai dai sassaucin yana faɗuwa in aka gano ƙeta, ko ka kai zancen ga waɗanda ba ruwansu. Duk 'yan zauren sun ba da kuɗi?

Hajiya Ladi: Allah ya kyauta. Ni dai na ji bulala 80 ake yi.

Malam Auwal: A'a Hajiya, wancan haddin ƙazafi ne, na jifan mutum da zina. Wannan diyya ake nema, ko da yake sashe na 391 na Penal Code, wato kundin dokokin laifuka na Arewacin Najeriya, ya mai da ɓata suna laifi.

Baban Khalifa: Akwai waɗanda ba su ba da ko kwabo ba. Kuma mun taɓa takarar kujerar ma'ajin da shi.

Barista Hadiza: To lauyansa zai riƙe wannan takarar gam. Kada ka ƙara rubuta komai a zauren. Ka adana hoton hirar gaba ɗaya, ka kai wa lauya tare da wasiƙar kafin wa'adin ya cika.