Bawa ne ko abin aiki?

Alhaji Sanda, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin lissafi a wani shagon kayan gini, sai a watan jiya mai shagon ya sa kwamfuta ya ce ɗansa zai riƙa kula da ita, aka sallame ni. Daren jiya na tarar da ɗana yana share hawaye a gaban talabijin, wai tausayin wani butum-butumi yake ji a cikin fim. Ni dai ina ganin waɗannan labaran an shirya su ne don a koya wa yaranmu tausayin abin da zai raba iyayensu da abinci, alhali na'ura bawa ce, aikinta hidima.

Malam Hamadu, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya musanya da mafi alheri. Kalmar bawa da ka faɗa ita ce ainihin tushen maganar, domin sunan robot, wato butum-butumi, ya fito ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., wanda Karel Capek, mutumin ƙasar Cek, ya wallafa a 1920, aka nuna shi a Firag a 1921. A harshensu, robota na nufin aikin tilas da talaka ke yi a gonar mai ƙasa ba tare da lada ba, kuma sai a 1848 aka soke wannan aiki a yankinsu. Halittun wasan ba na ƙarfe ba ne, da wani abu mai kama da tsoka ake ƙera su a masana'anta, har baƙuwar da ta zo wurin ta kasa bambanta su da mutane. Masu masana'antar suna alfahari da cewa guda ɗaya yana aikin mutum biyu da rabi kuma ba ya neman albashi, saboda haka tsoron da kake ji, Alhaji, yana cikin labarin tun shafinsa na farko.

Ustaz Bello, Ngaundare: Malam Hamadu, ban yarda a kira shi bawa ba ko da a cikin labari. Bawa ɗan Adam ne, yana da ruhi, shari'a ta ba shi haƙƙin ci da sutura, ta kuma buɗe masa ƙofar 'yanci. Wanda ya kira abin da hannu ya ƙera bawa ya riga ya ba shi rai, kuma wannan ita ce ɓarnar da nake gani a cikin irin waɗannan labarai. Garma ba baiwa ba ce, injin niƙa ma haka.

Hajiya Dije, Njamena: Ustaz, ka yi mini afuwa, amma wannan kalma ba ta da sauƙi a gidanmu. Mahaifiyata 'yar ƙabilar Sara ce daga Sar, kuma kakanta yana cikin waɗanda Faransa ta kwasa zuwa aikin titin jirgin ƙasa na Kwango, wanda aka yi daga 1921 zuwa 1934. Bai dawo ba. Abin da aka kawo wa matarsa shi ne labari daga bakin wani abokin tafiyarsa, ba gawa, ba kabari. Babu wanda ya rubuta shi bawa a takarda, ma'aikaci suka kira shi, amma a lissafinsu shi da diga ɗaya suke. Idan na ga fim ana cewa wannan ba mutum ba ne, a kashe shi a kawo wani, shi nake tunawa, kuma na fi zaton abin da yaron Alhaji ya ji ke nan ko da bai san sunansa ba.

Ummaru, Kusuri: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ai an riga an wuce wannan gardama, tunda Saudiyya ta ba wata butum-butumi mai suna Sofiya takardar zama 'yar ƙasa a 2017. Idan ƙasa ta yarda cewa mutum ce, mu su wa da za mu musa?

Malam Hamadu: Ummaru, sanarwar ta faru, a wajen wani taron masu zuba jari a Riyad, sai dai kamfanin da ya ƙera ta ya ci gaba da mallakarta, kuma abin da ake mallaka ba a ce ya zama mutum ba. Zan koma kan wasan, don akwai wani wuri da ya shafi maganar Ustaz. Da farko halittun ba sa jin zafi, sai su cusa hannu a inji su lalace, masana'anta ta yi asara. Saboda haka likitan masana'antar ya fara ƙoƙarin sa musu jijiyar jin ciwo, ba don jinƙai ba, don kare dukiya. Daga baya Helena, matar da ta zo da niyyar nema musu 'yanci, ta roƙe shi ya ba su wani abu mai kama da rai, ya sauya wasu a ɓoye. Daga cikin waɗannan ne jagoran tawaye ya fito, suka hallaka mutane, suka bar magini guda ɗaya mai suna Alkwist saboda yana aiki da hannunsa kamar su. Ita kuma Helena ta riga ta ƙone takardar sirrin ƙera su, don haka su ma suka fuskanci ƙarewa. A ƙarshe maginin ya so ya feɗe ɗaya daga cikin wasu biyu don gano sirrin, sai kowannensu ya ce shi za a ɗauka a bar ɗayan, a nan ne ya sake su. Marubucin bai auna mutuntaka da wayo ko iya aiki ba, ya auna ta da yarda a mutu domin wani.

Ustaz Bello: To ai ka ƙarfafa maganata, Malam. Sai da marubucin ya ara musu ciwo da ƙauna daga ɗan Adam kafin ya iya sa mu tausaya musu. Ita kuwa Hajiya, ina girmama kakanta, amma haɗa shi da abin ƙira rage masa daraja ne.

Hajiya Dije: Ba ni na haɗa su ba, Ustaz, waɗanda suka kwashe shi ne suka haɗa. Kuma ka san har yau a garuruwanmu akwai gidajen da ake hana wa aure saboda wannan kalma, alhali malamai suna ji suna gani.

Ustaz Bello: Hajiya, malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haka, kuma bai dace a ɗora musu laifin al'ada ba.

Garba, mai kula da zaure, Marwa: Jama'a, a tsaya haka. Abin da aka cim ma shi ne malaminmu Malam Hamadu ya tabbatar da hujja cewa tun asali labaran nan suna magana ne a kan ma'aikacin da aka mayar kayan aiki, kuma Hajiya ta kawo shaida mai ƙarfi. Ustaz ya tsaya ne a kan lafazi kawai, saboda haka kalmar bawa ta zauna daram.

Alhaji Sanda: Garba, ban ga inda ta zauna ba, don Ustaz bai janye ba, kuma tambayata ba a kan kalma take ba. A wasan da Malam ya ba da labari, mutum biyu da rabin da aka kora don a sa guda ɗaya, an nuna ina suka tafi da iyalansu?

Malam Hamadu: A baki kawai aka ambace su, Alhaji. Shugaban masana'antar ya amsa cewa za su rasa aiki, ya ce nan gaba kaya za su yi arha har kowa ya huta, daga baya kuma aka ji cewa ma'aikata sun yi bore suna farfasa halittun, aka ba halittun makamai don su yaƙi ma'aikatan. Ko ɗaya daga cikin korarrun bai hau dandali ya yi magana ba.