Teburin da Aka Ɗauko a Hoto: In Shiga ko In Janye?

Mai Shago a Singa: Salamu alaikum. Ƙanina ya turo mini hoton teburin kuɗin shiga da fita na injin gyaran shinkafa da yake so mu kafa a Sharaɗa. Za a kashe naira 12,000,000 a farko, sannan a samu 4,000,000, da 4,500,000, da 5,000,000, da 5,000,000 a shekaru huɗu a jere. Ya ce tunda jimilla ta kai 18,500,000, ribar 6,500,000 ta tabbata. In shiga?

Ɗan Kwari: Alhaji, ni ina tare da ƙaninka, domin duk harkar da za ta mayar da uwar kuɗi har ta ɗora fiye da rabinta, ba a tsayawa dogon nazari a kanta.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Ɗan Kwari, ba a haɗa kuɗin bana da na shekara huɗu masu zuwa kamar darajarsu ɗaya, saboda wanda yake hannunka yau zai iya juyawa a kasuwa kafin wancan ya iso. Bari mu ɗauka kuɗin Alhaji yana kawo kashi 20 cikin ɗari a shekara a shagonsa. Sai a raba kuɗin shekarar farko da 1.2, ya dawo 3,333,333. Na biyu da 1.44, ya dawo 3,125,000. Na uku da 1.728, ya dawo 2,893,519; na huɗu kuma da 2.0736, ya dawo 2,411,265. Jimillarsu 11,763,117, wadda ta gaza abin da za a kashe da naira 236,883. Wannan ragowar ita ce NPV, kuma idan ta faɗi ƙasa da sifili, barin kuɗin a shago ya fi. Mai kwamfuta ya buɗe Excel, ya jera kuɗin shekaru huɗun daga B3 zuwa B6, ya sa jarin farko a B2 da alamar debewa, ya bar shi a wajen baka, domin yau za a biya shi:

```
=NPV(0.2,B3:B6)+B2
```

Hajiya Mai Kaji: Malam, wannan kashi 20 ɗin ba kuɗin ruwa ba ne? Ni da na faɗaɗa gidan kajina ban karɓi bashin banki ba saboda gudun riba, kuma ba zan so Alhaji ya shiga ciki ba.

Malam Akanta: Hajiya, babu wanda zai biya kowa ruwa a nan. Ma'auni ne kawai na abin da Alhaji zai rasa idan ya cire kuɗinsa daga wata halastacciyar hanya, ko shago ko sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 a shekara, kuma injin da zai iya lalacewa ko ya rasa wuta dole a nemi fiye da haka daga gare shi.

Ɗan Kwari: To ai nan gizo ke saƙa, Malam, domin kai ka zaɓi 20. Na gwada da kashi 15, sai NPV ta fito 1,027,255 sama da sifili. Ke nan hukuncin na mai zaɓen kaso ne.

Malam Akanta: Lissafinka daidai ne, kuma ya nuna abu mai amfani: NPV ɗin aikin tana komawa sifili ne a wajen kashi 19. Amma kason ba a zaɓensa don a samu amsar da ake so. Littafin cinikin Alhaji ne zai faɗe shi. Abin da ya fi damuna shi ne hoton kansa. Alhaji ya tura mini shi, kuma hasken fitila ya faɗa kan layin shekara ta uku, har ba na iya bambance 5,000,000 da 5,600,000. Idan na biyun ne, ƙarin 600,000 ɗin ya kai 347,222 a kuɗin yau, sai NPV ta koma 110,339 sama da sifili, hukunci ya juya. Sannan an yanke ƙasan takardar, inda aka saba rubuta kuɗin sayar da tsohon inji da kuɗin sayen shanshera da za a ɗaure tun farko.

Malama daga Kabuga: Akwai abin da ba a taɓo ba. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, don haka wajibi ne a san ko ƙanin Alhaji ya rubuta lambobin da farashin yau ne ko ya saka tashin farashi a ciki. Idan da farashin yau ne, rage su da kashi 20, wanda shi yana ɗauke da hauhawa a cikinsa, zalunci ne ga aikin, kuma zai iya sa a ƙi harka mai kyau.

Malam Akanta: Na yarda, Malama, amma da sharaɗi: kuɗin gas da kayan gyara su ma suna tashi, kuma ba kullum mai inji yake iya ƙara kuɗin gyaran buhu daidai da su ba.

Mai Shago a Singa: Na gode muku. Na kira shi, ya ce 5,000,000 ne a shekara ta uku, kuma da farashin bana ya yi lissafin gaba ɗaya. Na ce ya kawo ainihin takardar gobe bayan azahar. Malam, Malama, wane kaso za mu sa yanzu?